Facin hotonka ya fito dishi-dishi? Lanczos, ofskela ko sake zanawa, ga yadda za ka zaɓa

Duk wanda ya taɓa cire wani abu daga hoto da inpaint ya san wannan abin haushin. Ka goge abin da ba ka so, model ɗin AI mai zana hoto ya cike gurbin, ka kalli hoton daga nesa ka ga komai daidai, sai ka yi zumin zuwa 100% kawai ka ga wurin ya yi laushi kamar an shafa masa mai, alhali gefensa kowane ɗigo a tsaye yake tar. Kuma ko wanda bai san aikin hoto ba idonsa sai ya tsaya a wurin, ba zai iya gaya maka me ke damun hoton ba amma zai ce wani abu bai yi ba.

Hanyoyi uku ne mutane ke bi su gyara wannan. Ko dai ka ja facin da Lanczos, wato lissafin canza girman hoto, ka ƙara masa kaifi, ko ka wuce da shi ta ofskela, wato model mai ƙara girman hoto, irin su Real-ESRGAN, ko kuma ka sake zana shi a cikakken girma gutsure-gutsure. Na yi aiki da dukansu, kuma abin da na gane shi ne zaɓin bai dogara da wacce ta fi tsada ko ta fi suna ba, ya fi dogara ne da lamba ɗaya da za ka iya lissafawa a minti guda. Bari mu ɗauki hoto ɗaya mu bi shi har ƙarshe don maganar ta zauna.

Hoton kyamara ne, 6000 a faɗi 4000 a tsayi. Mutum na tsaye a gaban katangar jan bulo, a gefensa akwai wani ƙaton kwandon shara da ya ɓata hoton, ya rufe bulo daga sama ya rufe ciyawa daga ƙasa. Da aka shafe kwandon da inuwarsa, mask ɗin, wato wurin da aka shafe don a sake zanawa, ya kai wajen fiksel 1800 kowane gefe.

Toh ga inda matsalar ta samo asali. Model ɗin ba ya zane a girman hotonka. Stable Diffusion 1.5 an horar da shi ne a 512 da 512, SDXL kuma a wajen 1024 da 1024, in ka tura su nesa da nan sai su fara maimaita abubuwa suna ɓata tsari. Saboda haka dole a rage hoton kafin a ba shi. A AUTOMATIC1111, manhajar da ake sarrafa Stable Diffusion da ita, in ka bar Inpaint area a kan Whole picture, hoton gaba ɗayansa ake matsewa zuwa girman da ka saka, mu ce 1216 da 832. Raba 6000 da 1216, ka samu kusan 5. Ma'ana wurin kwandon nan mai fiksel 1800 model ya zana shi ne da fiksel kamar 365 kacal, kuma in za ka mayar da shi cikin hoton asali kowane fiksel ɗaya sai ya rufe wurin guda 24 ko 25. Gaskiya in a nan ka tsaya, kar ma ka ɓata lokacinka da neman ofskela, koma ka sake aikin da Only masked. Shi Only masked yana yanko wurin mask ɗin ne kawai da ɗan abin da ke kewaye da shi, ya daidaita yankan da girman da model ke so, ya yi zanen, sannan ya mayar da shi gurbinsa a hoton asali ba tare da ya taɓa sauran ba. A ComfyUI, wata manhajar irin wannan, akwai nod da ake ƙarawa masu suna Inpaint Crop da Inpaint Stitch, aikinsu kenan su ma.

Da Only masked padding, pixels, wato faɗin kewayen da ake haɗawa da mask, a kan 128, yankan namu ya zama 1800 da 128 hagu da 128 dama, wato 2056. Model ya zana a 1024. Raba 2056 da 1024, amsa 2. Wannan ita ce lambar da nake magana, faɗin yanka a raba da faɗin da model ya zana. Zan riƙa ce mata ninki. Ninki 2 na nufin kashi ɗaya cikin huɗu na fiksel ɗin facin ne model ya samar, sauran ukun lissafi ne ya cike su.

Amma kafin ka yanke hukunci da ninkin akwai abu ɗaya da ya kamata ka duba, kuma mutane da yawa tsallake shi suke yi. Yawan fiksel ba shi ne kaifin hoto ba. Yi zumin zuwa 400% a wani gefe mai kyau na asalin hoton kusa da facin, misali inda bulo ya haɗu da siminti, ka ƙirga fiksel nawa launin ya ɗauka kafin ya tashi daga ja ya koma toka. Kyamara mai kyau da fokas ya zauna za ka ga biyu ko uku. Sai ka ƙirga a cikin facin. In a asali uku ne a faci shida, aiki na gabanka. In kuwa katangar can baya take, fokas na kan fuskar mutumin, gefen bulon asali ma fiksel takwas yake ɗauka, to facinka bai gaza komai ba, wataƙila ma ya fi maƙwabtansa kaifi. Haka hotunan waya da yawa, lambar fiksel ɗin babba ce amma wayar ta riga ta goge ƙananan bayanai wajen rage noyis, sai ka ga faci mai ninki 2 ya shige ciki lafiya lau. Abin da kake nema shi ne facin ya yi kama da abin da ke jikinsa a nisa ɗaya da kyamara, ba wai ya yi kaifi iya kaifi ba. A hoton namu mutumin ya jingina da katangar, don haka bulon na cikin fokas, gefe uku ne a asali.

Hanya ta farko, Lanczos da ƙarin kaifi. Ita ce mafi sauƙi, kuma a gaskiya rabinta an riga an yi maka, domin lokacin da aka mayar da facin gurbinsa da irin wannan lissafin aka ja shi. Lanczos da bicubic ba sa ƙirƙirar komai, suna duba fiksel ɗin da ke kusa ne su fitar da matsakaici mai nauyi. Abin da ya rage maka shi ne Unsharp Mask, a Photoshop ko a GIMP ƙarƙashin Filters, Enhance. Yadda yake aiki shi ne ya yi kwafin hoton mai dishi-dishi, ya cire shi daga na asali, bambancin da ya rage ya ƙara shi a kai. Kenan gefe mai duhu yana ƙara duhu, mai haske yana ƙara haske, ido sai ya ɗauka kaifi ne. A ninki 2 ina farawa da Radius 1.2, Amount kamar 70%, Threshold 2, a kan leya ta facin kaɗai, kuma ina sa leyar a Luminosity don kar launuka su yi tsalle a gefuna.

A katangar namu abin da ya faru shi ne layukan siminti sun ɗan miƙe, sun dawo kamar fiksel huɗu, daga nesa ba laifi. Amma fuskar bulon kanta, inda a asali kana ganin ƙananan ramuka da tsagewa da ɓurɓushin yashi, a faci sumul take, saboda babu abin da za a kaifafa a wurin tun farko. Ciyawa kuwa ta fi muni, ganyayen sun haɗe sun zama dunƙule-dunƙule kore. In ka ce bari ka ƙara Amount zuwa 150 don ka cim ma asali, sai wani farin zare ya bayyana a jikin kowane layin siminti kamar an zagaye shi da alli, wannan zaren shi ne alamar ka wuce gona da iri, kuma ya fi dishi-dishin tona asiri. Don haka ni a wurina wannan hanyar tana da iyaka bayyananniya. In ninkin bai wuce 1.5 ba, ko kuma wurin sararin sama ne, ko bango mai fenti, ko bayan hoto da ya riga ya narke, to ita ce zaɓin da ya fi, ba ta canza siffar komai, ba ta canza launi, ba ta buƙatar katin girafik, minti biyu ka gama. Kar ka raina ta don tsohuwa ce. Amma in wurin yana da saƙa ko ƙananan zane kuma ninkin ya kai 2, ba za ta kai ka ba.

Hanya ta biyu, ofskela. ESRGAN ya fito a 2018, Real-ESRGAN ya biyo baya a 2021, kuma su ne tushen yawancin abin da kake gani a jerin ofskela na manhajar, irin R-ESRGAN 4x+ da 4x-UltraSharp, ga kuma SwinIR wanda gininsa daban ne. Waɗannan sun koyi yadda gefe mai kaifi yake kama, don haka ba matsakaici suke fitarwa ba, hasashe suke yi su zana layin a tsaye. Yadda za ka yi amfani da su daidai shi ne ka ɗauki facin a girman da model ya zana shi, wato 1024, ba wanda aka riga aka ja ba. A ComfyUI wannan abu ne mai sauƙi tunda hoton na hannunka kafin ɗinki. In manhajarka ta riga ta manna, yanko wurin ka rage shi ya koma 1024 tukuna, domin in ka ba ofskela hoton da aka riga aka ja, yakan ɗauki laushin a matsayin haka abin yake ya bar maka shi. Sai ka ɗaga sau huɗu zuwa 4096, ka rage da Lanczos zuwa 2056, ka ɗora a gurbinsa. Ragewar nan tana da amfani sosai, tana danne wasu daga cikin kurakuran ofskelan.

Abin da bai kamata ka yi ba shi ne ka tura hoton gaba ɗaya cikin ofskela don wai komai ya zama iri ɗaya. Eh zai zama iri ɗaya, amma ka lalata fiksel miliyan ashirin na gaskiya don ka ɓoye miliyan uku na faci, fatar mutumin ta koma kamar roba, gashinsa ya zama zare-zare.

A katangar namu layukan siminti sun fito tsaf, gefe biyu zuwa uku, daidai da asali, har ma da ɗan wucewa. In abin da ka gyara gini ne, ko taga, ko ƙarfe, ko kujera, duk wani abu mai miƙaƙƙen layi da fuska mai santsi, nan ofskela ya fi kowa kuma cikin daƙiƙu yake gamawa. Matsalarsa a fuskar bulo da ciyawa ta fito, kuma dalilin yana cikin yadda aka horar da shi. Real-ESRGAN an koya masa ne ta hanyar ɗaukar hotuna masu kyau a lalata su da gangan, a sa musu dishi-dishi, a sa noyis, a matse su da JPEG, sannan a ce ya dawo da su. Saboda haka duk wani ɗan tsaki-tsaki da ya gani yana ɗaukarsa datti ne ya share. Bulon ya fito da gefe mai kaifi da ciki mai santsi kamar an zana shi da burushi, ciyawar kuma ta koma wasu lanƙwasassun layuka masu sheƙi, kaifi akwai amma ba irin kaifin kyamara ba ne. In ka ga wuri ya yi kama da zanen fenti, ko ka ga wasu ƙananan tsutsa-tsutsa a inda ya kamata a ga yashi ko gashi, ofskela ne ya yi hasashen da bai dace ba.

Akwai dabarar da ke rage wannan. Ka ɗora sakamakon ofskela a kan na Lanczos ka rage Opacity zuwa 50 ko 60%, sai ka samu gefen ya tsaya amma santsin robar ya ragu. A shafin Extras na AUTOMATIC1111 ma ana iya haɗa biyu da Upscaler 2 visibility. Kuma ka gwada model biyu ko uku a kan yanka ɗaya kafin ka zaɓa, don halinsu ya bambanta ƙwarai, wani ya fi share tsaki, wani ya fi barinsa. Waɗanda aka yi don zanen katun kuwa kar ka kusance su da hoton kyamara.

Hanya ta uku ita ce wadda na fi so in tsaya a kai, domin ita kaɗai ce take samar da sabon bayani irin wanda ya dace da wurin, kuma ita ce aka fi ɓatawa. Tunanin shi ne, tunda model na zane mai kyau a 1024, to a ba shi wurin a gutsure na 1024 na ainihin fiksel ɗin hoton, ninki 1 kenan, ba ja ba matsewa. Zagayen farko ya riga ya tsara inda kowane bulo zai zauna da inda ciyawa ta fara. Zagaye na biyu aikinsa kawai ya zuba saƙa a kan wannan tsarin.

Wani zai ce to me ya sa ba za a yi inpaint ɗin a ƙananan gutsure tun daga farko ba. Dalili shi ne gutsuren da ke tsakiyar kwandon ba ya ganin katanga ko kaɗan, bai san a wane layi bulo ke tafiya ba, sai ya zana nasa, na kusa da shi ma ya zana nasa, a ƙarshe layukan ba za su haɗu ba. Tsari daga nesa ake samunsa, saƙa daga kusa, shi ya sa zagaye biyu.

Ga yadda na yi da katangar. Na manna facin da aka ɗaga cikin hoton asali na adana a PNG. Na raba wurin mai 1800 gida huɗu, kowane gutsure, wato tayil, 1024, suna hawa kan juna da 128, biyu a jere sun ba da 1920 wanda ya rufe wurin har da ɗan ragi. Ragin nan yana da muhimmanci, kuma in da hali ka matsar da tayil ɗin waje kaɗan ko ka ƙara yawansu don kowanne ya ɗauko wani yanki na bulon gaskiya a gefensa, saboda model yana kallon abin da ke kewaye ne ya kwaikwayi girman ramuka da yanayin haske. Masked content na bar shi a original, tunda so nake ya ɗora a kan abin da ke wurin. Sai babbar magana, Denoising strength, wato yawan canjin da model zai yi wa abin da ka ba shi. Wanda ke zuwa da AUTOMATIC1111 0.75 ne, wannan na zagayen farko ne, in ka bar shi a nan zai rushe tsarin ya sake sabo. A 0.2 kusan babu abin da ya canza, laushin na nan. A 0.3 zuwa 0.35 ramukan bulo suka fara fitowa, ganyen ciyawa suka rabu ɗaya-ɗaya, layukan siminti kuma ba su motsa ba. A 0.5 bulo ya yi kyau sosai amma wani layi ya sauka da fiksel kaɗan a tayil ɗaya bai sauka a na kusa da shi ba, sai ga karaya a tsakiya. Na tsaya a 0.33. In kana da ControlNet Tile na model ɗinka, wato ƙarin da ke sa zanen ya bi hoton da ka ba shi, yana riƙe tsarin da kyau har ka iya hawa sama da haka kaɗan ba tare da abubuwa sun gusa ba.

Kuskuren da na fi gani a nan shi ne barin rubutun da ka ba model a zagayen farko, wato prompt, yadda yake. Kowane tayil yana karɓar rubutun gaba ɗaya kamar shi ne hoton duka. In rubutunka ya ce mutum na tsaye gaban katanga, model zai nemi inda zai sa mutum a cikin tayil ɗin da babu komai sai bulo, kuma in ƙarfin ya ɗan yi yawa za ka ga wata inuwa mai kama da fuska ta fara tasowa daga jikin katangar. Rubuta abin da ke cikin tayil ɗin kawai, tsohon jan bulo daga kusa, ko gajeriyar ciyawa, shi kenan.

Abu na biyu da za ka kiyaye shi ne VAE, sashen da ke matse hoto da buɗe shi. Waɗannan model ɗin ba a kan fiksel suke aiki kai tsaye ba, ana matse hoton sau takwas kowane gefe, 1024 ya koma 128, a yi zanen a can, sannan a buɗe shi. Shiga da fitar nan kaɗai tana ɗan canza launi tana kuma taɓa ƙananan abubuwa ko da ba a zana komai ba. Shi ya sa dole abin da ya fito ka manna shi ta cikin mask kawai, a ComfyUI da ImageCompositeMasked, sauran hoton ya zauna yadda kyamara ta ɗauke shi. Kuma kar ka yi ta maimaita zagaye a wuri ɗaya sau biyar sau shida, kowane zagaye launin na ƙara gusawa, sai ka wayi gari facin ya fi katangar ja ko ya ɗan yi kore.

Farashin wannan hanya lokaci ne da katin girafik da haƙuri, tayil huɗu, kowanne wataƙila ka gwada sau biyu ko uku kafin ka samu wanda ya zauna. Kuma tana da wuraren da ba na yarda da ita, rubutu da tambari da fuskar mutumin da aka sani, domin sake zanawa yana iya canza harafi ko ya sauya kamanni. Amma a kan bulo, ciyawa, yadi, gashi, itace, ƙasa, ba ta da na biyu. Kuma masu cewa ai ƙirƙira take yi, eh haka ne, sai dai wurin da ma ƙirƙirarre ne tun zagayen farko, babu wata gaskiya a ƙarƙashin kwandon da za a ce an ɓata.

To wacce za ka ɗauka? Ga yadda nake yi, kuma iyakokin nan daga aikina na tsayar da su, kai ma kana iya matsar da su. Ninki 1.5 ko ƙasa, ko wuri mai santsi, ko wanda ke wajen fokas, Lanczos da ɗan Unsharp Mask. Ninki tsakanin 1.5 da 3 a kan abu mai layuka da gefuna, ofskela a gauraye da Lanczos. Wuri mai saƙa da ke cikin fokas daga ninki 2 zuwa sama, ofskela tukuna don gefuna su tsaya, sannan zagaye na biyu a tayil, haɗin nan ya fi kowannensu shi kaɗai saboda a ƙaramin ƙarfi model yana bin abin da ka ba shi ne, in ka ba shi laushi zai dawo maka da laushi mai ado. Ninki 4 ko 5 kuwa koma ka sake yanka. Sannan ka tambayi kanka ina hoton za shi. In a ƙarshe rage shi za a yi zuwa 1500 a faɗi don a kalla a waya, ragewar kanta za ta shafe bambancin ninki 2 gaba ɗaya, hanya ta farko ta wadatar. In bugawa za a yi babba ko za a miƙa fayil ɗin a cikakken girma, nan ne hanya ta uku take biyan wahalarta.

Akwai kuma akasin matsalar, wanda ba a cika magana a kai ba. In mask ɗin ƙarami ne, mu ce 300, Only masked zai ɗaga yankan zuwa 1024 ya zana sannan ya rage, ninki ƙasa da 1, sai facin ya fito ya fi duk hoton kaifi da tsabta, kamar sabon kwabo a cikin tsofaffi. Nan ba kaifi zai nema ba, Gaussian Blur na 0.5 zuwa 1 za ka sa masa har ƙirgen gefensa ya yi daidai da na maƙwabta.

Ko wacce ka bi, saura mataki ɗaya, kuma sau da yawa shi ne yake raba facin da aka gane da wanda ba a gane ba. Kowane hoton kyamara yana da yashi-yashi na noyis a ko'ina, ya fi fitowa a inuwa da kuma in an ɗauka da ISO mai yawa. Faci ba shi da wannan, ko kuma nasa daban ne, kuma ido yana karanta rashin yashin a matsayin laushi ko da gefunan sun yi kaifi. Na sha ganin facin da ake ta ƙara wa kaifi alhali yashi kawai yake nema. Yi sabuwar leya ka cika ta da toka 50%, ka sa ta a Overlay, ka yi Add Noise da Gaussian da Monochromatic kamar 2 zuwa 4%, sai ka ɗan yi mata Gaussian Blur na 0.3 zuwa 0.5 saboda yashin kyamara ba fiksel ɗaya-ɗaya ba ne tsaf, yana ɗan haɗuwa. A GIMP HSV Noise zai yi maka. Ka ɗaure leyar da mask ɗin facin, ka yi zumin 200% a kan iyaka inda rabi asali ne rabi faci, ka riƙa rage Opacity har sai ka kasa nuna inda ɗaya ya ƙare. Jerin aikin yana da muhimmanci, ɗaga girma, daidaita launi, kaifi, sannan yashi a ƙarshe. In ka sa yashi kafin kaifi zai yi tsauri ya fi na asali, in ka sa shi kafin ofskela kuwa share shi zai yi.

Bakin facin shi ma a duba shi. Mask blur na 4 da ke zuwa da manhajar ya yi kaɗan ga hoto mai faɗin 6000, ni nakan narkar da bakin da fiksel 20 zuwa 30, kuma inda hali ya yi nakan bi da iyakar ta kan layin siminti maimakon ta ratsa tsakiyar bulo.

In kana son awo ba ido kaɗai ba, yanko murabba'i biyu masu girma ɗaya, ɗaya daga faci ɗaya daga asali, dukansu bulo ne kuma haske iri ɗaya, ka gwada wannan a kan kowanne:

```python
import cv2
g = cv2.imread("yanki.png", 0)
print(cv2.Laplacian(g, cv2.CV_64F).var())
```

Lambar ita kaɗai ba ta nufin komai, kwatancin ne ke da amfani, in ta faci ta yi ƙasa sosai da ta asali akwai sauran aiki, in ta haura ka zarce. Sai dai noyis yana ɗaga wannan lambar sosai, kana iya cika ta da yashi kawai alhali gefuna na nan da laushinsu, don haka ka haɗa ta da ƙirgen gefen nan na 400%. Gwajin da na fi dogara da shi ma ya fi wannan sauƙi, ka haɗe leyoyin a kwafi, ka sa High Pass na Radius 2, ka ja Levels sosai har tokar ta fashe. Launi da haske duk sun tafi, saura saƙa kawai. A katangar namu bayan Lanczos wurin kwandon ya fito a matsayin fili mai santsi da siffar kwandon ɓaro-ɓaro, bayan ofskela layuka suka bayyana amma tsakaninsu wayam, bayan tayil da yashi sai da na kunna mask ɗin kafin na tuna inda iyakar take, in ban da wani ɗan wuri a gindin katangar inda inuwa ta fi duhu, nan na ƙara wa leyar yashin ƙarfi kaɗan da burushi.